Allon Garantin Yunusu da Tsawar Alhaji

Duk wanda ya zauna Tawa a shekarun da aka buɗe jam'iyyu, in dai ya taɓa ɗaga kan tarho, to ya san Yunusu mai gyara. Gajere ne, mai kaurin wuya, kansa kullum a karkace zuwa dama saboda yawan maƙale kan tarho tsakanin kunne da kafaɗa yana sauraron ko layi ya zo. Ko sallah yake yi sai ka ce jira yake a amsa masa daga Yamai. Shagonsa na bayan kasuwa, ɗan ƙuƙumi, in mutum biyu suka shiga na uku sai ya gaisa daga waje.

A lokacin babu tarhon aljihu, kada wani yaro ya ruɗe. Tarho na igiya ne, yana zaune bisa tebur kamar babban baƙo, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado, ba a taɓa shi sai da izinin maigida. Ba kowane gida ke da shi ba. Unguwa guda takan dogara da na ɗan kasuwa ɗaya, tsofaffi mata su zo su zauna a zaurensa suna jiran 'ya'yansu su kira daga Abijan. In tarhon ya mutu, unguwa ta kurmance ke nan.

Yunusu ɗan Barmu ne. Gyaran rediyo ya kawo shi birni, sai ya faɗa hannun wani tsoho da ya yi ritaya daga gidan waya, shi ya koya masa cikin tarho: wannan ne ke ƙara, wannan ne ke ɗaukar murya, wannan kuma in ka taɓa shi ana kira zai gaishe ka har gwiwar hannu. Da siyasa ta buɗe, kowace jam'iyya ta kama biro, wato ofis, kowane biro na son tarho, ko da ba shi da wanda zai kira. Aiki ya samu. Ya auri Rahinatu, mace mai baki kamar reza amma mai riƙon gida, ya kama shago haya a hannun Alhaji Isma'ila, dillalin raƙuma.

Hannun Yunusu ba shi da aibi. Aibinsa a baki yake. Duk tarhon da ya gyara, in zai miƙa wa mai shi sai ya bugi ƙirji ya ce, “Na ba ka garanti.” Garantin me? Na wane lokaci? Oho. Kalmar ce ta yi masa daɗi, yana jin ta kamar ya sa kwat. Mutanen Tawa kuwa ba su san wasa da kyauta ba. A fahimtarsu, tarhon da Yunusu ya taɓa sau ɗaya ya zama ɗansa har abada, ci da sha da tufafi.

Wani ya zo akuya ta tauna igiya, garanti. Wata ta zo jikanta ya ɗura wa tarho fura wai kawunsa na Abijan ya sha, garanti. Wani sakataren jam'iyya ya sha kaye a zaɓe, ya maka tarho da bango, washegari ya tattaro shi cikin hula ya zo, garanti. Akwai ma wanda gidan waya ya yanke wa layi don bai biya ba, ya zo ya zauna bakin shagon Yunusu tun safe yana cewa, “To kai ba ka ce garanti ba?” Yunusu mutum ne mai kunya, ba ya iya kallon idon babba ya ce a'a. Sai ya yi murmushin yaƙe ya ɗauki turnabis, abin kwance noti.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa. Kayan gyaran da ake kawo masa daga waje suka ninka farashi, ma'aikata kuma ga yajin aiki ga albashi ba ya zuwa. Ranar da Rahinatu ta leƙa tukunya ta leƙa buhu ta ga duk sammakal, sai ta zo shago da kanta, ta tsaya riƙe da ƙugu.

Ta ce, “Malam, wanga garanti naka, dahwa shi za mu yi ko daka shi? Garin ga duka na cin guminka, mu muna cin godiya. Ko dai ka yi mashi iyaka, ko ni in koma gidanmu, ka auri tarho.”

Magana ta shige shi. Ya kira Sa'idu mai fenti, suka zauna suka tsara allo, babba, ya fi ƙofar shagon faɗi. Aka rubuta da boko, da ajami, da faransanci don 'yan lakwal, wato 'yan makaranta. Da yake masu tarho da yawa ba su karatu, Sa'idu ya zana hotuna huɗu, kowane da bayaninsa a ƙasa. A sama aka rubuta:

“Garanti wata uku ne daga ranar gyara. Abin da na canza da aikin hannuna kaɗai ya shafa. In shi ya sake lalacewa, gyara kyauta ne.”

Ƙarƙashin hoton tarho yana faɗowa daga tebur: “Faɗuwa ko jifa ba su ciki.” Ƙarƙashin hoton ƙwarya: “Ruwa, shayi, fura, duk abin da ke zuba ba ya ciki.” Ƙarƙashin hoton hannu da turnabis: “In wani ya buɗe bayana, garanti ya tashi.” Na ƙarshe hoton walƙiya ne, ko da yake Sa'idu ya yi ta kamar macijin da ya ji sanda: “Tsawa ba ta ciki.” Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe aka ƙara cewa matsalar layi ta gidan waya ce.

Daga ranar, duk tarhon da ya gyara sai ya manna 'yar takarda a gindinsa mai ranar gyara da abin da ya canza, ya ɗiga jan farce a kan noti don ya gane in an buɗe. Jan farcen na Rahinatu ne, kuma ta yafe.

Kai, an sha rigima! Wasu suka ce Yunusu ya zama nasara. Amma allon ya yi masa abin da bakinsa ya kasa. In babba ya zo da tarhon da ya sha shayi, Yunusu ba ya cewa a'a, sai ya sunkuyar da kai ya nuna ƙwaryar da yatsa, ya ce, “Ni da na yi maka, allo na ya hana.” Mutum ya zagi allo ya gaji ya biya. Tukunyar Rahinatu ta dawo tana tafasa.

Hotuna uku kowa na jayayya da su. Na huɗun ne ba a taɓa yi masa musu a kai ba, kuma ga dalili. A ƙasar nan an taso ana jin cewa aradu ba ta faɗuwa a banza: ko ɓarawo take nema, ko wanda ya rantse da ita a kan ƙarya. Malamai sun yi wa'azi har sun gaji, amma abin da kaka ta faɗa wa mutum yana goye ba ya fita da wa'azi guda. Saboda haka wanda tsawa ta ƙone wa tarho ba ya zuwa da safe. Sai rana ta take, titi ya yi tsit, ya zo da shi naɗe cikin zane kamar mai kai kayan sata, ya biya abin da aka ce ba ciniki, ya ƙara da, “Don Allah maganar ta tsaya nan.”

Yunusu ya san gaskiyar abin sarai. Tsawa takan faɗa kan layi ko kusa da shi, can wani wuri, ƙarfinta ya biyo waya ya shiga duk gidan da ya samu, ya ƙone cikin tarho, musamman irin sababbin nan masu dannawa. Da mutum zai zare igiya daga bango in hadari ya taso, da ba abin da zai same shi. Ya sani, amma ya yi shiru. Damina ita ce kakarsa: manomi na girbin gero, shi yana girbin ƙonannun tarho. Wani lokaci abin yakan ɗan sosa masa rai, sai ya ce ai ba wanda ya tambaye shi.

To, ana nan wata Litinin da hantsi, bayan ruwan da aka yi jiya da yamma, sai ga Alhaji Isma'ila, mai shagon da kansa. Bai naɗe tarhonsa a zane ba. A ka ya ɗoro shi, babbar riga na jan ƙasa, yana magana tun daga bakin titi, 'yan kabu-kabu da masu shayi suka biyo shi don su ga ƙwal.

Ya dire tarho bisa tebur ya ce, “Yunusu ɗana, gyaranka bai yi ba! Wata guda bai cika ba, ga shi ya mutu murus. Ku shaida, jama'a, gyara na ya lalace, ba wani abu ba. Garanti!”

Yunusu ya durƙusa ya gaishe shi, ya juya tarhon ya duba takarda. Gaskiya ne, lokaci bai ƙare ba. Abin da ya canza kuwa igiyar kan tarho ce da abin ɗaukar murya. Jan farce na nan daram. Ya kwance noti ya ɗaga murfi, sai wari biyu suka buge shi a tare: ƙauri, da tsamin nono. Cikin tarhon ya yi baƙi a daidai inda layi ke shiga, ga kuma madara ta kwana ta yi kindirmo tsakanin wayoyi, har tururuwa sun fara zuwa gaisuwa.

Nan take ya gane. Madara ake zuba wa abin da aradu ta taɓa kafin a sa masa hannu. Ashe Alhaji ya fi kowa sanin abin da ya kashe tarhonsa. Yunusu ya ɗaga ido. Bakin Alhaji na ta faɗa, amma idanunsa roƙo suke yi. Ya mayar da murfi da sauri.

Ya ce, “Baba Alhaji, aikin na son natsuwa. A dawo bayan la'asar.”

Da azahar Rahinatu ta kawo masa abinci, ta kawo labari, don ita ba ta zuwa da ɗaya ba ɗaya. Ashe jiya Lahadi a kasuwar dabbobi, Alhaji ya sayar wa wani mutumin arewa mai suna Attaher raƙumi. Attaher ya buɗe bakin raƙumin ya ce wannan ya tsufa. Alhaji ya ɗaga hannu sama a gaban jama'a ya ce in raƙumin nan ya wuce shekarun da ya faɗa, aradu ta neme shi har gida. Kafin magariba hadari ya haɗu. Matan da ke zaune a zaurensa suna jiran kiran Abijan sun ji tarho ya yi ƙara sau ɗaya shi kaɗai, sun ji ƙauri, sun watse ba sallama.

Rahinatu ta ce, “Yanzu ko wajen ɗibar ruwa zancen da aka yi ke nan. Dillalin da aradu ta bi har zaure, wa zai sake ba shi ko akuya? Amma ka ji ni da kyau, Malam. In ka ce gyaranka na, allon ga ya zama itacen wuta.”

Yunusu ya ture kwanon gefe. Alhajin nan shi ya ba shi shago lokacin da ba shi da ko kujera, shi ya yi masa wakilci ranar ɗaurin aure. Tausayinsa ya kama Yunusu ƙwarai, tsoro kuma ya kama shi, don ya tuna shekarun da yake gyara wa gari kyauta.

Bayan la'asar Alhaji ya dawo shi kaɗai, ba rakiya ba hayaniya. Ya shiga ya ja ƙofa, ya zauna bisa wata matacciyar rediyo. Babbar rigar ma kamar ta yi masa yawa.

Ya ce, “Ɗana, ba kyauta nika so ba. Zan biya, har in ƙara. Abu guda: gobe ka hito gaban mutane ka ce hannunka na ya kuskure. Mi za ya rage ka?”

Yunusu ya buɗe baki zai ce to, don bakinsa ya saba. Sai ya hango allon ta tsagar ƙofa. Ya ce, “Baba, ka gahwarce ni. In na hwaɗi haka, gobe duk wanda tsawa ta ci nashi zai ce hannuna na. Kuma ga madara ciki. Hotuna biyu kac ci karo da su, ba ɗaya ba.”

Alhaji ya ce a hankali, “To na mutu ke nan. Jiya ko tabarma ban iya kwantawa ba, ina jin kamar tana jirana bakin ƙohwa.”

A nan ne Yunusu ya ga cewa ba bakin mutane kaɗai ke cin tsohon ba, shi kansa ya yarda an neme shi. Kunya ta rufe Yunusu, don ya san da shirunsa aka gina wannan tsoron. Ya tashi ya jawo wani farin tarho daga kan kanta, ya buɗe shi, ya ajiye gefen na Alhaji. Baƙin ƙuna iri ɗaya, a wuri ɗaya.

Ya ce, “Wanga na gidan haihuwa na, da sahe ungozoma ta aiko shi. Ruwan jiya, tsawar jiya. Baba, jariran da anka haihwa jiya, raƙumin wa sunka saida?”

Alhaji ya leƙa wannan, ya leƙa wancan. Yunusu ya yi masa bayani dalla-dalla: yadda tsawa ke faɗa wa layi can nesa, yadda take bin waya ba ta san gidan liman ba balle na dillali, yadda zare igiya daga bango ke raba ta da tarho. Alhaji ya nuna wasu ƙullin zannuwa da ke jere can saman kanta ya ce, “Waɗancan hwa?”

“Na mutane na. Sun ce maganar ta tsaya nan.”

Alhaji ya ƙura wa wani zane mai ruwan goro ido, da alama ya san gidan da ya fito, sai dariya ta kuɓuce masa, ya yi ta yi har da hawaye yana cewa, “Har shi? La'ilaha! Har shi?” Da ya lafa, sai ya juyo fuska a murtuke. “Kai kuma ka san wanga abu tun yaushe?”

Yunusu ya sunkuyar da kai ya ce, “An jima, Baba.” Don ya kau da zancen ya ƙara da cewa, “Amma tsakaninmu, raƙumin nan shekarunshi nawa?”

Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, “Haƙoran raƙumi ba su cikin garanti.”

Washegari da hantsi Yunusu ya fito da tebur bakin titi, ya jera tarhon Alhaji da na gidan haihuwa a buɗe. Jama'a suka taru. Bai taɓa yin magana gaban mutum fiye da uku ba, amma ya faɗi komai. Ya ce gyaransa lafiya lau yake, tsawa ce, kuma tsawa ba ta cikin garanti, Alhaji zai biya kamar kowa. Ya ce amma ba Alhaji ta nema ba, waya ta biyo. Alhaji ya biya a gaban idon kowa yana washe baki, ka ce kyauta aka ba shi. Sa'idu mai fenti ya hau benci ya ƙara layi ƙarƙashin macijin nan nasa:

“Tsawa waya take bi, ba ta zaɓen gida. In hadari ya taso, zare igiyar tarho daga bango, kada ka yi kira sai an ɗauke ruwa.”

Sunan Alhaji ya wanku, raƙuma suka ci gaba da bi ta hannunsa. Rantsuwa kuwa bai rage ko ɗaya ba. Abin da ya ƙaru kawai, duk ranar Lahadi kafin ya fita kasuwa sai ya zare igiyar tarho, ko da rani ne.

Yunusu ne ya ji jiki. Daminar da ta biyo baya aka yi tsawa kamar sama za ta tsage, amma kantarsa wayam, ba ƙulli ba zane. Mutanen Tawa da ba su taɓa bin allo da daɗin rai ba, wannan layin sun haddace shi kamar karatun allo. Ya koma gyaran rediyo da tocila don a samu na cefane, miya ta koma ta kuka ba nama. Rahinatu ba ta bar shi ya sha iska ba. Safe da yamma sai ta ce, “Ga mutumin da ya biya mai henti ya rubuta mashi yunwa. Wa ya aike ka?” Wani lokaci yana ganin ta yi gaskiya, kuma abin na yi masa ciwo.

Wata rana da yamma suna tsakar gida, tana tankaɗe ɗan garin da ya rage tana yi masa wannan karatun, sai gabas ta yi baƙi, iska ta taso, aka yi wata walƙiya. Su ba su da tarho, ba su taɓa yi ba. Amma maƙwabciyarsu Kulu, tsohuwa mai ɗa a Abijan, ɗan ya sa mata layi a bara, kuma kunnenta ya yi nauyi. Yunusu ya san irin tarhonta, mai dannawa ne, tsawa ɗaya ta ishe shi, gyaransa kuma zai sa nama a miyarsu. Ya dubi Rahinatu, ta dube shi. Ita ma ta sani.

Ta yar da rariya, ta taka turmi, ta ɗora haɓa bisa katanga, ta kware murya har unguwa ta amsa.

“Inna Kulu! Ke Inna Kulu! Zare igiyar tarho, ga hadari nan!”